Gero goma: abin da wasan Ayari ya koya mini kafin na bar shago

Makon jiya na mayar da makullin shago, bayan shekara uku ina aikin zane a kwamfuta a wani gidan ɗab'i a Sabon Garin Zariya. Waɗanda muka yi aiki tare sun san abin da ya haɗa ni da mai gidan, kuma na san labarin da ke yawo shi ne wai na sa shi asarar kwali ɗari uku na kati. Asarar an kusa yin ta, kuma da hannuna a ciki. Amma tunda kowa ya faɗi nasa, bari ni ma in faɗi yadda abin ya kasance.

Wasan Ayari ni na ƙirƙiro shi. Na ga yaran unguwa daga Wot sai lido, manya kuma da sun ji kalmar karta sai su ce caca, shi ya sa na nemi abin da uba zai saya wa 'ya'yansa ba tare da ya haɗe rai ba. Kowane ɗan wasa farke ne, yana tara haja yana sayarwa, wanda ya fara kai maki 50 shi ne madugu. Kati 60 ne. Gero 16, kowanne maki 1. Kanwa 12 masu maki 2, goro 10 masu maki 3, fata 8 masu maki 4, turkuɗi 6 masu maki 6. Sauran takwas ɗin, huɗu 'yan fashi, huɗu dillalai. Ana raba wa kowa kati biyar, a baje wasu biyar a tsakiya a buɗe, su ne kasuwa. In yi ya zo kanka, abu ɗaya za ka yi cikin uku: ka ɗauki kati ɗaya a kasuwa, ko ka sayar da haja iri ɗaya ka rubuta maki, ko ka yi musaya, wato ka ajiye kati ɗaya ka kwashi wasu da jimillar makinsu bai wuce na naka ba.

Sai gyara, wadda ita ce abin alfaharina a lokacin. Wanda ya sayar da kati biyu iri ɗaya a tare yana samun ƙarin maki 1, uku ƙarin 3, huɗu 6, biyar 10, haka take hawa. A kwamfuta layi ɗaya ne kawai, `=A2*(A2-1)/2`, na ja shi ƙasa har layi na shida na tsaya, domin a tunanina wa zai tara kati fiye da shida iri ɗaya?

Lissafin da na yi na daidaita darajar katin shi ne na ninka yawan kowane iri da makinsa. Gero duka ya ba da 16, kanwa 24, goro 30, fata 32, turkuɗi 36. Na duba na ce ai gero shi ne talakan wasan, har na ji tausayinsa. Wasa kusan arba'in muka buga da abokaina uku a wani ɗaki a Samaru, kullum mu huɗun nan, kullum ni ke bayani, kuma kullum da na zo bayani sai in ɗaga turkuɗi in ce wannan shi ne sarkin kati. To me za su bi in ba turkuɗi ba? Wasa ya yi ta daɗi, yau wannan ya ci gobe wancan. Da Alhaji mai gidan ya tambaye ni ko an gama, saura mako uku Ƙaramar Salla, sai na ce masa an gama. Wannan kalmar tawa ce, ban taɓa musun ta ba. Abin da ba a faɗa shi ne na roƙi a fara buga kwali talatin a gani, ya ce injin ba ya tashi don kwali talatin, a buga ɗari uku.

Ranar da aka gama yanka katin, da daddare wuta ta ɗauke, muka zauna a bakin shago da fitilar waya. Baba mai gadi, wanda duk layin an san ba a cin sa a dara, ya ce a koya masa. Ya zauna ya kalli wasa biyu bai ce uffan ba. A na uku ya shiga. Yana da gero biyu a hannu tun rabo. Mu kuwa kowa na wawurar goro da fata, kuma duk katin da aka ɗauka a kasuwa, daga tulin sauran katin ake maye gurbinsa, gero in ya fito ba mai taɓa shi. Kafin a zaga sau uku, huɗu cikin biyar na kasuwa gero ne. Wannan cunkoson na sha ganin sa a Samaru, har muna tsaki muna cewa kasuwa ta mutu. Baba ya ajiye fata ɗaya ya kwashe huɗun. Ya yi shiru, ya ɗauki turkuɗi da ya fito, na ce a raina yanzu ya gane wasa. Da gero ya sake taruwa sai ya ajiye turkuɗin ya kwashi wasu huɗu. A yi na bakwai ya baje kati goma a kan benci ya ce, "Ɗana, lissafa mini, ni ban iya bokonku ba."

Goma na gero, gyara arba'in da biyar. Hamsin da biyar, a sayarwa ɗaya. Ni ina da maki 15.

Na ce sa'a ce, a sake. Ya sake cin mu, ya kuma sakewa. Na ce, "Baba, yaya aka yi ka gano?" Ya ce, "Na ga kuna zubar da abin da ya fi yawa ne. Mai tsinke da yawa ai shi ke cin dara."

A daren ban yi barci ba, na sake lissafin ta hanyar da ya kamata tun farko. Darajar da ke rubuce a fuskar kati ba ita ce ma'auni ba. Abin da kowa ke kashewa a wasan shi ne yi, don haka tambayar ita ce maki nawa kake samu a kowane yi. Mai tara fata uku yana ɗauka sau uku, ya sayar a na huɗu, ya sami 12 da gyara 3, wato 15 a yi huɗu, ƙasa da maki huɗu a yi ɗaya. Sai ya yi kusan yi goma sha uku kafin ya ga 50. Baba ya sami 55 a yi bakwai, kusan takwas a kowane yi, ninki biyu. Kuma ba doka ɗaya ce ta jawo ba. Musaya ita kaɗai ba laifi, gyara ita kaɗai ma haka. Haɗuwarsu ce: musaya tana ba ka kati huɗu a yi ɗaya, gyara kuma ba ta duban darajar kati, yawansa take dubawa, kuma tana hawa da sauri fiye da yadda ido ke zato. Da na ja layin nan har goma da na ga 45 tun kafin a saya takarda.

Da safe na faɗa wa Alhaji da bakina. Ya tara ma'aikata har da yaran da ke naɗe takarda, ya ce su kalli ɗan boko da mai gadi ya fi shi lissafi, ya ce za a cire kuɗin takarda da leda daga albashina wata uku. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana goma, katin ba sai an sake bugawa ba." Ya ce in ga dama.

Gyaran farko da na gwada shi ne rage gero daga 16 zuwa 12, tunda cire kati huɗu a kwali ba wuya. Bai yi ba. Dabarar tana nan, sai dai ta zama tsere, wanda ya riga kwasar farko shi ke ci, kuma yawanci mai zaman farko ne. Na biyu na ƙara wa ɗan fashi ƙarfi, ya riƙa kwashe rabin hannun mutum. Wannan ya karya mai tara gero, amma ya karya kowa tare da shi, wasa ya koma wa ya ja ɗan fashi, wata yarinya da muka gwada da ita a Tudun Wada har kuka ta yi. Na kuma gwada faɗa wa kowa sirrin tun farko, ko za su hana juna. Nan na ga abin da ya fi ba ni tsoro: mutum huɗu kowa ya rungume gero huɗu, ba mai sayarwa, ba mai saki, don duk wanda ya bar dabarar ya miƙa wa na kusa da shi wasan. A nan na gane bambancin dabara mai kyau da dabarar da ta cinye wasa. Mai kyau in an san ta ana iya tare ta da wata. Wannan kuwa ko kowa ya sani, ba wanda ke da dalilin barin ta.

Abin da ya yi aiki layi biyu ne a takardar dokoki. Jaki ba ya ɗaukar fiye da kati biyar, don haka ba a sayar da fiye da biyar a yi ɗaya. Musaya kuma kati biyu ne iyaka. Yanzu gero biyar 5 ne da gyara 10, wato 15, daidai da fata uku, kuma kusan yi huɗu shi ma yake ci. Ban kashe gero ba, don ina son wanda rabo bai ba shi kati mai tsada ba ya sami hanya, na dai sauko da shi layin 'yan'uwansa.

Gwajin ma na sauya shi. Na daina zama a wasan, na daina bayani. In miƙa kwali da takarda ga mutanen da ba su san ni ba, ɗalibai a Kongo, teloli a Ƙofar Doka, in koma gefe da littafi ina rubuta wa ya ci, a wane zama yake, da wace haja, a yi na nawa. Mutum ɗaya nake jan sa gefe in ce gero kawai zai bi. Cikin wasa ashirin na mutum huɗu, rabon kowa biyar ne, in ya ci bakwai ko takwas ba abin tayar da hankali ba ne, sa'a na iya yin haka. Da tsohuwar doka mai gero ya ci 14. Da sabuwa ya ci 6.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Abokai ba 'yan gwaji ba ne, suna jin nauyinka. In 'yan wasa suna tsaki a wuri ɗaya kullum, akwai wani abu a ƙarƙashin wurin. Kuma kada wanda zai biya kuɗin takarda ya sa maka ranar gamawa.

An buga sabuwar takardar dokoki, aka buɗe kwalaye ɗari uku aka sauya ta da hannu, ni da yara biyu, kwana biyu. Kayan sun ƙare kafin Babbar Salla. Kuɗin da aka cire mini ba a mayar ba, kuma a bugu na biyu sunan shago ne kawai a bayan kwalin. Na ji Alhaji yana gaya wa wani baƙo cewa shi ya ba da shawarar dokar jaki. Baba na zaune a bakin ƙofa yana ji, ya dube ni ya ci gaba da jan carbinsa.

Katin dillali har yanzu ina zargin ya fi ƙarfi in mutum biyu ne ke wasa. Na rubuta haka a takarda na bari a kan teburin Alhaji tare da makullin.