Kafin In Sa Almakashi a Atamfa

Ɗinkin mata nake yi, kuma yawancin aikin biki yana zuwa mini ne ta saƙon murya, inda mai kaya za ta yi ta bayani tana haɗa launi da sunayen yara da ranakun biki a numfashi ɗaya. Ba na taɓa almakashi sai na mayar mata da bayanin, domin atamfar da aka yanka ba ta komawa turmi.

Idan na maimaita kalamanta yadda ta faɗe su, za ta ce haka ne, alhali ba a gwada fahimtata ba. Saboda haka nakan sāke jera maganar bisa yadda aikin zai gudana a kan teburina: wane turmi, na wace ce, wane ɗinki, da wane awo, kuma yaushe za a karɓa.

Wata Hajiya ta aiko da turmi uku da leshi ɗaya, da dogon saƙo wanda a ciki ta ce a yi mata irin na bara, a yi wa 'yan matan iri ɗaya, a gama kafin biki. Na rubuta mata cewa: "Hajiya, ga yadda na fahimta. Shuɗin turmi da leshin naki ne, riga da zani da ɗankwali. Jan turmi na babbar 'yarki ne, doguwar riga. Koren kuma za a raba wa ƙannenta biyu, riga da siket da ɗankwali kowacce, a karɓa ranar Juma'a."

Tun ina rubutun na ga inda lissafi ya ƙi, domin turmi yadi shida ne, kuma yadi uku ba zai fitar wa budurwa riga da dogon siket da ɗankwali ba. Na faɗa mata, ta zaɓi a ƙaro turmi. Amsarta ta gyara wasu abubuwa biyun da ba zan iya gano su ni kaɗai ba. Da ta ce irin na bara, yankan wuyan kawai take nufi, awon kuwa ya canza, sai an sāke aunawa. Bikin da take nufi kuma kamu ne na ranar Alhamis, ba ɗaurin auren Asabar ba.

Hanyar tana da iyakarta. Akwai wadda kunya ko gaggawa za ta sa ta amsa da "to, ba damuwa" ba tare da ta karanta ba, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin amincewa ba. A irin haka nakan ware abu ɗaya mai haɗari in yi tambayar da sai an zaɓa, kamar in ce: "Anti, hannun rigar dogo ne ko gajere?" Wadda ba ta son karatu kuwa nakan kira ta in faɗa mata da baki, sannan in rubuta abin da muka tsayar a littafin awo, in maƙala ƙyallen kowane turmi kusa da sunan mai shi.