Abin da saƙon murya kan ƙarin farashi ya koya mini

Lokacin da aka ɗora mini alhakin sanar da abokan ciniki cewa za mu ƙara kuɗin wanki da guga, na ɗauki waya na fara magana ba tare da na rubuta komai ba. Saƙon ya kai minti 2 da daƙiƙa 40. Na yi doguwar gaisuwa, na koka da tsadar sabulu da wutar lantarki, na ba da haƙuri har sau uku, kuma ban ambaci sabon farashin ba sai dab da ƙarshe. Kafin yamma tambayoyi sun cika wayar, kuma kusan duk iri biyu ne: nawa ya koma, kuma yaushe zai fara? Daga nan na gane cewa mutane da yawa ba su kai ƙarshen saƙon ba.

Babbar matsalar da na jawo ta fito ne daga kalmomi uku, wato "mako mai zuwa". Wanda ya saurari saƙon ranar da na tura shi ya fahimci abu ɗaya, wadda ta buɗe shi bayan kwana biyar ta fahimci wani abu dabam, balle wanda wani ya tura masa daga baya. Wata mata ta kawo kaya tana da tabbacin cewa ƙarin bai fara ba tukuna, kuma da na sake sauraron muryata sai na ga ita ce da gaskiya. Muka karɓi tsohon kuɗi a hannunta.

Da ƙari na biyu ya taso, sai na zauna na rubuta abin da zan faɗa kafin in taɓa waya. Ga yadda ya kasance, inda na sa "kaza" a gurbin kuɗin:

"Barkanku da warhaka, abokan cinikinmu. Daga shagon wanki da guga ne. Muna sanar da ku cewa daga ranar Litinin, 3 ga wata mai kamawa, wankin riga ɗaya zai tashi daga kaza zuwa kaza. Guga kaɗai yana nan yadda yake. Duk kayan da aka kawo kafin wannan rana, tsohon farashi za a biya, ko da an karɓe su daga baya. Dalilin ƙarin shi ne tsadar sabulu da wuta. Na maimaita: daga Litinin 3 ga wata, riga ɗaya kaza. Cikakken jerin farashi yana biye a rubuce. Mun gode."

Na karanta shi a bayyane ina duba agogo, bai kai daƙiƙa 40 ba. A ainihin saƙon na ambaci sunan watan kansa, domin "wata mai kamawa" ma yana da irin ciwon "mako mai zuwa".

Jimlar da ta fi yi mana aiki ita ce wadda ta yi bayanin kayan da ke hannunmu. A karon farko a nan aka fi yin gardama, saboda mutum ya kawo kaya kan wani farashi, ya zo karɓa ya tarar da wani, kuma a ganinsa an sauya masa ciniki bayan an ƙulla. A ganina ma haka ne. Faɗin abin da bai canza ba shi ma ya rage tambayoyi, don wanda ya ji kalmar ƙari yakan ɗauka komai ya tashi.

Na daina faɗin ƙari da kashi cikin ɗari. Kashi 10 cikin 100 yana da ma'ana a littafin lissafinmu, amma mai sauraro yana tafiya ko yana aiki, ba zai tsaya yin lissafi ba. Tsohon kuɗi da sabo yake bukatar ji. Na kuma lura cewa "biyu" da "biyar" suna rikicewa a kunne idan akwai hayaniya, musamman ga masu sauraro da saurin 1.5x ko 2x a WhatsApp, shi ya sa nake rage gudu a kan lambobi, in maimaita su sau ɗaya, sannan in biyo da rubutu wanda za a iya dubawa ba sai an sake kunna murya ba.

Wani abu kuma ya ba ni kunya. Na tura saƙon farko ta jerin watsawa na WhatsApp, wanda a lokacin yake ɗaukar mutum 256, ban san cewa sai wanda ya ajiye lambarmu a wayarsa yake samun irin wannan saƙo ba. Alamar ita ce saƙon ya tsaya kan tik ɗaya kwana da kwanaki. Yanzu bayan kwana biyu nakan bi jerin, duk wanda saƙon bai isa gare shi ba in tura masa kai tsaye, kuma muna barin aƙalla mako biyu tsakanin sanarwa da ranar da sabon farashi zai fara aiki.