Yadda Ruwa Ke Karkata a Cikin Tanki Mai Ƙara Gudu: Abin da Na Auna da Hannuna

Na daɗe da sanin ƙa'idar a takarda kafin in gwada ta. Idan tanki mai ɗauke da ruwa yana tafiya a miƙe bisa shimfiɗaɗɗen wuri, gudunsa kuma yana ƙaruwa da adadi ɗaya a kowace daƙiƙa, saman ruwan yakan karkata, ya taru a baya ya ragu a gaba, kuma kusurwar karkatar tana bin wannan lissafi:

```
tan θ = a / g
```

A nan a ita ce ƙaruwar gudu, g kuwa jan ƙasa ne, wato 9.81 m/s². Ganin sauƙin lissafin ya sa na ɗauka aikin yini ɗaya ne in tabbatar da shi da rula, amma sai da na kwashe kwanaki ina maimaitawa kafin abin da na gani ya dace da abin da na rubuta.

Na yi amfani da tankin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗin 20, da tsayin 30. Na zuba ruwa har zurfin santimita 15, wanda ya kama lita 18, wato kilo 18, na ɗiga masa ɗan shuɗin rini domin layin samansa ya fito sosai. Na ɗaure tankin a kan wani katako mai tayoyi huɗu, su biyun nauyinsu kilo 6, don haka abin da za a ja gaba ɗaya kilo 24 ne. Turawa da hannu ba ta ba da ƙaruwar gudu mai ɗorewa a kan adadi ɗaya, saboda haka na ɗaura igiya a gaban katakon, na bi da ita ta kan ƙananan tayoyi biyu masu kwarmi, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, na rataya ƙarfe mai kilo 3 a ƙarshenta yadda zai sami mita 2 na faɗowa. Na manna rula a tsaye a bangon baya da na gaba, na kuma ɗaure waya a jikin katakon kanta domin ta ɗauki bidiyo tana tafiya tare da tankin.

Lissafin farko ya tafi kamar haka. Nauyin kilo 3 yana jan jimillar kilo 27, har da shi kansa, don haka a ta zama 3 sau 9.81 a raba da 27, wato kusan 1.09 m/s². Idan aka raba wannan da g ana samun 0.111, kusurwar digiri 6 da ɗan ɗoriya ke nan. Tun da ruwan bai ƙaru ba bai ragu ba, kuma tankin faɗinsa ɗaya ne daga gaba har baya, abin da ya hau a baya shi ne ya sauka a gaba, tsakiyar tankin kuwa tana nan a zurfinta na asali kamar an kafa mata ƙusa. Daga tsakiya zuwa bango santimita 30 ne, saboda haka na sa ran ruwan zai hau santimita 3.3 a baya.

Da na saki ƙarfen, na koma na duba bidiyon hoto bayan hoto, sai na ga ruwan ya haura bangon baya har santimita 5.2 sama da layin asali, sannan ya sauko kusan inda ya fara, ya sake hawa, kafin katakon ya kai ƙarshen hanya. Babu wani lokaci da ya tsaya a 3.3, kuma samansa ma bai miƙe kamar allo ba, yana lanƙwashewa ne yana kai-komo. Da farko na zargi igiyar da fizga, na canza ta, na sake gwadawa har sau biyar, sakamakon bai motsa ba.

Kuskurena na farko ƙarami ne kuma mai sauƙin ganewa. Na ɗauki 1.09 tamkar gaskiya, alhali tayoyin katakon da na igiyar suna cin wani ɓangare na ƙarfin ta hanyar gogayya. Bidiyon ya nuna cewa mita 2 ɗin sun ɗauki daƙiƙa 2.1, kuma abin da ya tashi daga tsaye yana bin s = ½at², don haka ainihin a ita ce 4 a raba da 4.41, wato 0.91 m/s². Wannan ya mayar da kusurwar zuwa digiri 5.3, hawan ruwan kuma santimita 2.8. Sai dai gyaran ya ƙara nesanta ni da 5.2 ɗin da na gani, wanda ya nuna mini cewa matsalar tana wani wuri dabam.

A nan ne na fahimci abin da na tsallake a cikin ƙa'idar. Lissafin yana bayyana halin da ruwan zai zauna ne bayan ya natsu, lokacin da kowane ɗigo ke tafiya tare da tankin kamar dunƙulallen abu guda. Ni kuwa na ɗauki ruwan da ke kwance lebur, cikin ƙiftawar ido na canza masa inda ya kamata ya kwanta. Abin da ya biyo baya daidai yake da lilon da aka ja gefe aka saki, wanda ba ya tsayawa a tsakiya idan ya iso, sai ya zarce da kusan nisan da ya taso. Ruwan ya tashi daga sifili, ya wuce 2.8, ya kai kusan ninkinsa, ya dawo. Da na ɗauki mafi tsayin hawa, 5.2, da mafi ƙanƙanta da ya biyo baya, 0.5, na haɗa na raba biyu, sai ga 2.85. Ashe amsar tana cikin bidiyon tun gwajin farko, ita ce tsakiyar da ruwan ke tangaɗi a kewayenta.

Tsawon lokacin tangaɗin ma ana iya lissafa shi. Ga tanki mai kusurwa huɗu mai tsawon L da zurfin ruwa h, kai-komo mafi girma yana bin wannan:

```
ω² = (πg / L) · tanh(πh / L),   T = 2π / ω
```

Da na sa L = 0.6 da h = 0.15 a ma'aunin mita, T, wato lokacin kai-komo ɗaya, ya fito kusan daƙiƙa 1.1, kuma haka na ƙirga a bidiyon: ƙololuwar farko wajen rabin daƙiƙa, ta biyu wajen daƙiƙa 1.6. Tafiyar gaba ɗaya daƙiƙa 2.1 ce, wato kai-komo biyu ma ba su cika ba, ruwa kuwa ba shi da kaurin da zai kashe tangaɗi cikin wannan ɗan lokaci. Ko da na ninka tsawon hanyar sau huɗu, lokacin sau biyu kawai zai ƙaru, saboda haka neman doguwar hanya ba mafita ba ce.

Abin da ya yi aiki shi ne sanya raga. Na yanka ragar roba mai ƙananan ƙofofi gida uku, na tsayar da su a cikin tankin a gicciye, tazarar santimita 15 tsakaninsu. Ragar tana barin ruwa ya ratsa, don haka ba ta canza inda zai kwanta a ƙarshe, amma tana cinye ƙarfin kai-komon. Da wannan, ruwan ya ɗan zarce sau ɗaya, sannan a daƙiƙar ƙarshe ta tafiyar ya tsaya a miƙe, yana nuna tsakanin 2.7 da 2.9 a baya, da raguwar kusan haka a gaba. Akwai wata 'yar dabara a karatun: ruwa yakan ɗan lanƙwasa ya hau jikin gilashi da milimita ɗaya ko biyu, don haka gara a auna bambancin baya da gaba a raba da tsawon tankin, domin wannan kuskuren yana soke kansa. Na samu 5.6 a kan 60, wato 0.093, lissafi kuma ya ce 0.91 a kan 9.81, wanda shi ma 0.093 ne.

Sai bayan wannan na zauna na tambayi kaina dalilin da ya sa dole ruwan ya karkata, kuma amsar ta fi gamsar da ni fiye da lissafin kusurwar. Kilo 18 na ruwa ba zai ƙara gudu da 0.91 m/s² ba sai an tura shi da ƙarfin 18 sau 0.91, kusan 16.4 N, wato newton, ma'aunin ƙarfi, kuma babu mai tura shi sai bangayen tankin ta hanyar matsi. Matsin ruwa yana ƙaruwa da zurfi, saboda haka hanya ɗaya tilo da bangon baya zai fi na gaba turawa ita ce ruwan ya fi zurfi a wajensa. Ƙarfin da ke kan bango mai faɗin w da zurfin ruwa h shi ne ½ρgwh², inda ρ ke nufin yawan kilon ruwa a kowace mita kubik. Da zurfin 17.8 a baya ya kama kusan 31.1 N, da 12.2 a gaba kuma 14.6 N, bambancinsu 16.5 N, daidai abin da ake bukata in ban da ɗan abin da ƙididdiga ta zubar. Ruwan yana karkata ne gwargwadon abin da zai samar da ƙarfin da zai tafi da shi, ba ƙari ba ragi.

Wannan ya kuma bayyana abin da da farko ya ba ni mamaki, wato rashin nauyin ruwan a cikin lissafin kusurwar. Ruwa mai nauyi yana bukatar ƙarin ƙarfi kafin ya motsa, amma matsinsa ma ya fi yawa da wannan adadin, sai su biyun su soke juna. Mai da ruwa za su kwanta a kusurwa ɗaya muddin a ɗaya ce, bambancin kawai shi ne mai kauri ya fi saurin natsuwa. Haka nan gudu kansa ba ya cikin lissafin. Lokacin da na tsawaita igiyar yadda ƙarfen zai taɓa ƙasa a rabin hanya, katakon ya ci gaba da gudu, amma ruwan ya koma yana tangaɗi a kewayen lebur, har ma ya ɗan rinjaya gaba saboda gogayya ta fara rage gudun.

Iyakar tankin nawa tana da sauƙin fitarwa. Tsakanin saman ruwa da bakin tanki santimita 15 ne, rabin tsawon kuma 30, don haka ruwa zai kai baki idan tan θ ya kai 0.5, wato a kusan 4.9 m/s², kuma a daidai wannan lokacin ne gindin tankin zai fara bayyana a gaba, tun da zurfin ma 15 ne. Bayan wannan, zancen tsakiya mai tsayawa wuri ɗaya ya ƙare, domin ruwan da ya rage ya zama mai kusurwa uku kuma dole a sake lissafin yawansa. Amma 4.9 ɗin na tashi a hankali ne. Na cire ragar, na rataya kilo 10, abin da ya ba da a wajen 2.7 m/s², kuma bisa lissafin natsuwa ruwan bai kamata ya wuce santimita 8 da ɗan kaɗan ba. A rabin daƙiƙar farko ya ninka wannan, ya tsallake bakin tankin ta baya, ya jiƙa wayar da na ɗaure a can.