Tambayar da ke bakin mai saye ita ake fara amsawa

A ƙarshen watan nan zan bar kamfanin sola da nake yi wa talla a Kano, kuma abin da ya raba ni da manajanmu bai wuce tsarin magana ba. Shi dokarsa ɗaya ce: ka buɗe kwamfuta, ka fara da tarihin kamfani, sai hotunan ayyukan da muka yi, sai kaya, farashi a can ƙarshe. Wannan tsarin an yi shi ne don wanda ya riga ya yarda da kai. Ɗan kasuwar da aka taɓa cuta kuwa, da jerin tambayoyinsa yake zama, kuma ba ya jin amsar ta uku muddin ta farko na nan tana cin sa.

Wani Alhaji mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya ishe ni misali. An taɓa haɗa masa sola, batiran suka mutu ba su shekara ba. Tun kafin in je yaron shagonsa ya ba ni labarin, don haka bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, kafin in faɗi abin da ya kawo ni, a nuna min wanda ya lalace."

A nan rabin lokacinmu ya tafi. Batir biyu ne masu ruwa, kowanne bolt 12, 200Ah. Na tambayi abin da ake kunnawa: fanka huɗu, ƙwai goma, ƙaramin firji da cajin waya, wajen wat 550. Na rubuta a bayan rasit yana kallo. Awa takwas na kasuwa sun kama 4.4 kWh, wato yawan wutar da kayan ke sha a yini. Batiran a takarda suna riƙe 4.8, amma irin wannan batirin rabinsa kawai ake taɓawa in ana so ya yi ƙarko. Farantan sola biyu rak aka kafa masa, ga ƙurar hunturu ba mai gogewa, sai nauyin ya koma kan batir, kullum ana tatse shi ƙarƙaf. Ga zafin Afrilu cikin shagon da iska ba ta ratsawa, ga ruwan batirin ba wanda ya ce masa ana ƙarawa. Ban zagi wanda ya yi aikin ba, domin zagin ya shafi wanda ya zaɓo shi.

Da ya fahimci dalilin, shi da kansa ya kawo tambaya ta biyu: "To, malam, naku zai ɗauki kayan nan?" Amsar tana kan rasit ɗin. Kasuwancinsa na rana ne, saboda haka farantai za a ƙara su ɗauki nauyin kai tsaye, batir ya tsaya wa sassafe, yamma da ranar hadari.

Sai kuɗi. Manajanmu yana ganin ɓoye farashi dabara ce. A Kwari, wanda ya kwana a kan "nawa?" ana ɗaukarsa mai rufa-rufa. Amma in ka faɗe shi kafin lissafin wuta, zai auna shi da arahar wancan da ya mutu. Wurinsa na uku. Na faɗi kuɗin duka, har da waya da ladan aiki, sannan na tambaye shi man da janaretansa ke sha. Ya ce lita biyar a rana, kusan 150 a wata, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 abin ke masa ciwo. Na miƙa masa kalkuleta ya raba da hannunsa. Lissafin da mutum ya buga da kansa ba ya musunsa.

Ta huɗu, wa zai zo in ya lalace, na amsa da takardar garanti da lambar mai gyaranmu. Ta biyar ita ce "zan yi shawara da ƙanena", sai na bar masa rasit ɗin, don ya san abin da zai nuna.

Jerin ba ya zama ɗaya ga kowa. Mai kemis a Sabon Gari da dare zai fara, saboda firjin magani. In tambaya ta sake dawowa, ba a amsa ta ba, a koma. In aka ce maka "zan neme ka" tun ba a kai ga kuɗi ba, wata ka tsallake a baya. Kuma kada ka tono ƙorafin da bai zo masa a rai ba.

Alhajin ya biya kafin alƙalami, ya kuma haɗa mu da maƙwabtansa a layin. Ni kuma aka rubuta min takardar gargaɗi kan rashin bin tsarin kamfani, aka raba kamashona da wanda bai taɓa taka shagon ba. Yanzu na ji ana koya wa sababbin ma'aikata "a fara duba tsohon batir", a matsayin fasahar manaja.