Abin da aikin gidan gem ya koya mini kan sebin da ɗaukewar wuta ta lalata

Sebin, wato ajiyar da gem ke yi ta inda mai wasa ya tsaya, idan ɗaukewar wuta ta lalata shi ba ya gyaruwa, sai dai a maye gurbinsa da kwafi. Wannan shi ne babban abin da na fahimta tun da na fara kula da injinan PS4 a wani gidan gem da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Masu zuwa wurinmu kashi biyu ne. Akwai masu buga wasa ɗaya ko biyu su tashi, waɗannan ba ruwansu da sebin. Akwai kuma 'yan gida, waɗanda kowannensu ya ɗauki kulob a Career Mode na FIFA 23 yana rainonsa wata da watanni, ya sayi 'yan wasa, ya hau da shi rukuni. Duk wahalar mutum irin wannan tana cikin sebin ɗaya da bai wuce 'yan megabait ba.

Dalilin lalacewar ba boyayye ba ne. Idan aka tashi wasa, gem ɗin yana rubuta sabon sakamako a kan had-dis, kuma rubutun ba a ƙiftawar ido yake kammala ba, yana ɗaukar daƙiƙa ɗaya ko 'yan daƙiƙu. A daidai wannan lokacin ne ake ganin 'yar alamar sebin a gefen allo. Idan wuta ta tafi a nan, fayil ɗin yakan zama kamar allon almajirin da aka wanke rabinsa aka fara sabon rubutu sai aka tashi makaranta: sama sabon karatu, ƙasa tsohon, tsakiya babu komai. Da gem ya zo buɗewa sai ya ga lissafin bai haɗu ba, ya ƙi karɓa gaba ɗaya. Su kuma fayilolin sebin na PS4 a kulle suke da mabuɗin sirri, don haka ba abin da mutum zai buɗe a kwamfuta ya cike gurbin da hannu ba ne. Duk wanda ya ce maka zai ɗinke maka shi, tambaye shi daga ina zai samo rabin da ba a rubuta ba.

Kafin a taɓa komai, sai an gane me ya lalace, domin ɗaukewar wuta tana iya taɓa wurare daban-daban kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan aka kunna inji ya yi gargaɗin cewa ba a kashe shi yadda ya dace ba, ya tsaya yana duba had-dis, a bar shi ya gama. Wannan dubawar tasa ce, ba alamar an yi asara ba ce. Idan bayan nan hotunan gema-gemai suka ɓace daga allo ko injin ya riƙa jan jiki, to jadawalin da yake gane inda kaya suke ne ya rikice. Maganinsa a kashe injin, a danne maɓallin kunnawa har a ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7 ke nan, a jona hannun wasa da injin ta wayar USB, a zaɓi Rebuild Database a cikin Safe Mode. Shi wannan yana sake jera jadawali ne kawai, ba ya shiga cikin sebin ya gyara shi. A wannan allon akwai kuma Initialize PS4, wanda ke share komai da komai. Yaran shago su nisance shi. Amma idan gem ya buɗe lafiya, ana buga wasan sada zumunci lafiya, sai an zo ɗora kakar wasa ta mutum ɗaya a Career Mode ya ƙi, to sebin ɗin nan ne ya tafi. Goge gem a sake saka shi ba zai dawo da shi ba, ɓata lokaci ne da data.

Ga yadda ta kasance da wani ɗalibi da ke zuwa mana bayan Isha'i. Daren Alhamis ya tashi wasa, alamar sebin na juyawa, aka ɗauke wuta. Aka ta da janareta, injin ya yi dube-dubensa ya tashi, dare ya yi, kowa ya watse ba tare da an sake buɗe kakarsa ba. Yaron da ke rufe shago ya yi abin da aka koya masa: ya soka filas, ya shiga Settings, Application Saved Data Management, Saved Data in System Storage, Copy to USB Storage Device. Injin ya tambaye shi ko a rubuta a kan wanda ke cikin filas ɗin, ya ce e. Washegari bayan Juma'a ɗalibin ya zo, kakar ta ƙi buɗewa.

“Yaya, ba ka ce kullum kuna kwafewa ba?” in ji shi, idonsa ya kaɗa.

Na ce masa, “Muna kwafewa, ƙanena. Sai dai na cikin filas ɗin nan shi ma mara lafiyar ne. Zauna tukuna.”

A nan matsalar take, kuma ita ce mutane ba sa hangowa. Injin ba ya bambanta sebin mai lafiya da lalatacce idan ya zo kwafewa. Abin da ya tarar shi yake ɗauka. Kuma a filas gurbi ɗaya ne ga kowane sebin, sabo yana danne tsoho. Saboda haka mai filas ɗaya tak da yake kwafewa a kai kullum, tsaronsa na kwana ɗaya ne, kuma ƙwazon kwafewar ne da kansa zai kashe masa mai kyaun. Haka abin yake ga masu PlayStation Plus da suka bar injin yana tura sebin intanet da kansa: lalataccen na iya hawa ya danne na can. Idan sebin ya ƙi buɗewa, kafin komai a tsayar da Auto-Upload.

Abin da ya cece mu shi ne tsohuwar kwamfutar da ke kan teburin karɓar kuɗi. Duk bayan kwana biyu ko uku muna ɗauke foldar PS4 dukkanta daga filas mu zuba a kwamfutar, a cikin sabuwar folda mai kwanan wata da lambar inji, ba ma rubutawa a kan ta baya. Tsarin kamar haka yake:

```
2024-05-07_inji2/PS4/SAVEDATA/
2024-05-04_inji2/PS4/SAVEDATA/
```

A cikin SAVEDATA akwai folda mai dogon suna na lambobi da haruffa, wadda ke nuna asusun mai sebin, a cikinta kuma akwai foldar gem mai farawa da CUSA. Kowane sebin fayil biyu ne, babba da wani ɗan ƙarami mai ƙarewa da .bin, kuma ɗaya ba ya aiki sai da ɗan'uwansa. Shi ya sa ba ma tsintar fayil ɗaya-ɗaya, ba ma canja wa komai suna a ciki.

Na ɗauko wani filas daban, mai tsarin exFAT (FAT32 ma yana yi, amma injin ba ya karɓar NTFS), na zuba foldar PS4 ta ranar Talata a bakin filas ɗin, ba a cikin wata folda ba, domin idan ta nutse ciki injin zai ce bai ga komai ba. Filas na farko mai lalataccen kwafi na ajiye shi gefe ban goge ba. Ba a zubar da komai sai an ga mai kyau ya buɗe. Na rufe gem ɗin gaba ɗaya, na shiga da asusun da aka yi kakar da shi, sannan Saved Data on USB Storage Device, Copy to System Storage. A nan jerin sebin na gem ɗin ya fito, da na saitin hannu, da na jerin 'yan wasa, da kakar mutane da yawa da ke amfani da asusun shago. Na sa alama a kan tasa kaɗai. Da na zaɓi duka, da na mayar da sauran 'yan gida baya zuwa Talata alhali nasu lafiya lau yake, in gyara wa mutum ɗaya in ɓata wa huɗu. Injin ya tambaya ko a danne na ciki, wannan karon amsar e ce. Kakar ta buɗe. Wasannin Laraba da Alhamis sun tafi, har da wani ɗan gaba da ya yi ta ciniki kafin ya samu, ya yi ta mita a kai, amma kulob ɗinsa na nan.

Wannan hanyar tana da iyaka, kuma gara a san ta tun kafin ranar kuka. Sebin a ɗaure yake da asusun da aka yi shi, ba za a zuba shi a asusun wani ya buɗe ba. Idan aka canja faifan gem da na wani yanki, lambar CUSA ta bambanta, sabon ba zai ga tsohon sebin ba ko da sunan gem ɗin ɗaya ne. Wanda kuma ya koma PS5, wadda ta fito a 2020, ya sani cewa sebin na gema-geman PS5 ba ya kwafuwa ɗaya-ɗaya zuwa filas kamar haka; na gema-geman PS4 ne kawai ke yi. Sannan idan sebin ya riƙa lalacewa a inji ɗaya ba tare da an ɗauke wuta ba, ko ana jin had-dis na ƙas-ƙas, to ba wuta ba ce, had-dis ɗin ne ke mutuwa. A kwashe abin da za a iya kwashewa a canja shi.

Tun daga lokacin muka sauya ƙa'ida ɗaya a shagon: daren da aka ɗauke wuta ana cikin wasa, ba a kwafe komai daga wannan injin sai an buɗe kowace kaka an ga ta hau. Kuma filas biyu muke juyawa, na yau daban, na gobe daban.

Maganar UPS kuwa, wato akwatin batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, maigidan shagon ya daɗe yana ganin kamar almubazzaranci ne tunda akwai janareta. Amma janareta ba ya hana komai, domin tsakanin ɗaukewar wuta da juya layi injin ya riga ya mutu. Ƙaramin UPS mai 650VA, wanda yawanci batir ɗaya ne a cikinsa mai 12V 7Ah, yana riƙe inji ɗaya da talabijin na 'yan mintuna. Ba don a ƙarasa wasa aka saye shi ba, duk da cewa sai an yi da gaske kafin yara su yarda da haka idan ana ci ɗaya da ɗaya. Aikinsa a bari alamar sebin ta ɓace, a fita daga gem, a zaɓi Turn Off PS4, ba Enter Rest Mode ba, a jira farar fitilar ta daina ƙiftawa. Talabijin ma dole a jona shi a kai, in ba haka ba za a kashe inji a makance. Zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu yana cin batirin nan da wuri, kuma UPS mai mataccen batir fitilarsa kore take nunawa har ranar da za a buƙace shi. Don haka lokaci-lokaci da safe, kafin kowa ya zo, nakan jona masa talabijin da fanka kawai, in zare shi daga bango in ga minti nawa zai riƙe. Idan ya mutu nan take, batir muke canjawa, ba akwatin duka ba.