Kafin ku gyara rubutun bidiyo, ku duba inda mai kallo ya taso, ba inda ya sauka ba

Kuskuren da na fi daɗewa ina yi a aikin rubutun ƙasan bidiyo shi ne gyara layin da ba shi da laifi. Nakan buɗe jadawalin da ke nuna yadda mutane suka kalli bidiyo, in ga wani tudu inda aka maimaita kallo, sai in je farkon tudun in tsawaita rubutun da ke wurin. Ƙannena masu shigowa wannan sana'a, matsalar ba a farkon tudun take ba. Yawanci tana kusa da ƙarshensa.

Dalilin yana cikin yadda mutum yake komawa baya. Layi ya wuce bai gama karanta shi ba, sai ya ɗan yi jim, daƙiƙa ɗaya zuwa uku ko huɗu, sannan ya danna. Dannawar kuma ba ta kai shi daidai kan layin. A YouTube, kibiyar hagu tana mayar da mutum baya da daƙiƙa 5, maɓallin J da daƙiƙa 10, taɓa gefen allon waya sau biyu shi ma 10 idan ba a canza saitinsa ba. Wanda ya danna a 2:19 zai sauka a 2:09, kuma duk abin da ke tsakanin nan zai samu kallo biyu. A jadawali za ku ga tudu daga 2:09 zuwa 2:19, alhali layin da ya jawo abin yana wajen 2:15. Na 2:09 hanya ce kawai ta bi ta kansa.

Saboda haka wurin tasowa ake nema. YouTube Studio yana nuna tudu da kwari, amma ba ya faɗa muku daga ina kowa ya taso, kuma ba ya ba da lissafin dakatarwa daban. A can sai dai ku ɗauki inda tudun ya faɗi ku ƙirga baya. Idan kuwa na'urar kunna bidiyon taku ce, kuna iya rubuta bayanan da kanku, sai dai akwai tarko: lokacin da `seeking`, sanarwar cewa an yi tsalle, ya tashi, `currentTime`, wato daƙiƙar da bidiyon yake, ya riga ya koma sabon wurin. Dole a riƙa ajiye wurin da ake kafin tsallen. A nan `v` shi ne bidiyon da ke shafin, `rubuta` kuma aikin da za ku tanada don ajiye bayanan:

```js
let baya = 0;
v.addEventListener('timeupdate', () => {
  if (!v.seeking) baya = v.currentTime;
});
v.addEventListener('seeking', () => {
  if (v.currentTime < baya) rubuta('koma', baya, v.currentTime);
});
```

Haka ma `pause` yana tashi idan bidiyo ya kai ƙarshe, don haka a cire waɗannan. Kuma kada ku ƙirga adadin komawa tsura. Ku raba shi da yawan mutanen da suka kai wannan daƙiƙar, domin mutum 30 a minti na tara, inda masu kallo suka ragu, sun fi 30 a minti na farko nauyi.

Bari mu bi misali ɗaya na gwaji har ƙarshensa. A ce bidiyon koyar da gyaran wuta ne, mutum 400 suka kai 2:19, 52 daga cikinsu suka koma baya tsakanin 2:17 da 2:20. Kashi 13 cikin ɗari ke nan, alhali a sauran wurare abin bai wuce kashi 2 ba. Muka buɗe fayil ɗin SRT, mai ɗauke da rubutun ƙasa da lokutansa, muka sami wannan:

```
00:02:14,200 --> 00:02:16,400
A kashe wutar gidan gaba ɗaya
kafin a taɓa wannan wayar.
```

Haruffa 56 ne idan an haɗa da sarari da aya, cikin daƙiƙa 2.2. Idan aka raba, haruffa 25.5 ke nan a kowace daƙiƙa. Wannan lissafin shi ne manhajoji irin su Subtitle Edit da Aegisub suke nunawa da sunan `CPS`. Ƙa'idar Netflix ta rubutun Turanci ta tsaya a 20 ga manya da 17 ga yara, layi kada ya wuce haruffa 42, rubutu kada ya zauna ƙasa da kashi biyar cikin shida na daƙiƙa ko ya haura daƙiƙa 7. BBC kuma da kalmomi take aunawa, 160 zuwa 180 a minti. Ni a bidiyon koyarwa 17 nake ɗauka, domin idon mai kallo yana bin hannun mai aiki ma. A kan 17, wannan layin yana buƙatar daƙiƙa 3.3, wato ya kai 2:17,5. (Idan da ƙaramin shiri kuke ƙirgawa, ku tabbata haruffa yake ƙirgawa ba bayit ba. Ɗ, ɓ da ƙ kowannensu bayit biyu ne a UTF-8, sai lissafin ya kumbura a banza.)

Ga kuskurena na biyu, wanda ya fi na farkon ɓarna: auna rubutun ƙasa shi kaɗai. A misalin nan, a ce wani rubutu ya fito a saman allo daga 2:14,5 zuwa 2:17,0, sunan na'ura da lambarta, haruffa 34. Shi kaɗai ba shi da laifi, bai kai 14 a daƙiƙa ba. Amma manhajar rubutun ƙasa ba ta san da shi ba, tunda an ɗora shi ne a jikin hoton. Mai kallo kuwa wuri ɗaya yake iya karantawa a lokaci guda. Haruffa 56 da 34 sun zama 90 cikin daƙiƙa 2.8, kusan 32 a daƙiƙa, ban da lokacin da ido yake ɓatawa wajen hawa sama da saukowa. Ko da an tsawaita layin ƙasa, komawa baya ba za ta daina ba muddin su biyun suna tare. Gyaran shi ne a raba su: layin ƙasa ya gama a 2:17,5, rubutun allo ya shigo bayansa ya zauna daƙiƙa 3, tunda lamba ba a karanta ta da saurin magana.

Idan magana ta gaba ta matso, babu wurin tsawaitawa, sai a rage kalmomi. "A kashe wuta kafin a taɓa wayar." haruffa 32 ne, 14.5 a daƙiƙa. Amma ku lura an rasa "gaba ɗaya", kuma a gargaɗin wuta wannan ba abin zubarwa ba ne. A irin wannan wurin gara a nemi mai haɗa bidiyon ya ƙara daƙiƙa ɗaya a hoton.

Dakatarwa kuma ba koyaushe take nufin rubutu ya yi sauri ba. Idan mutane suna tsayar da bidiyo lokacin da lamba ko jerin matakai suke kan allo, su yi daƙiƙa 20 ko 30, kwafa suke yi, kuma ƙara daƙiƙa biyu ba zai canza komai ba. Abin dubawa a nan shi ne ko sandar maɓallan da ke fitowa idan an dakata tana rufe rubutun, musamman a waya. Wadda take nuna laifin lokaci ita ce gajerar dakatarwa, ko wadda ta zo bayan rubutun ya ɓace, komawa baya ta biyo ta. Wannan mutum ya yi niyyar kamo rubutun ne ya kufce masa.

Kafin ku taɓa komai, ku raba bayanan gida biyu: masu kallo da rubutun ƙasa a kunne (a `textTracks`, wanda `mode` ɗinsa yake `showing`) da waɗanda suka kashe shi. Idan masu rubutu ne kawai suke komawa, laifin layin ne. Idan duka ɓangarorin suna komawa daidai wa daida, ku saurari sautin ko ku duba rubutun allo, ko kuma dai bayanin ne yake da wuya. Bayan gyara, ku canza abu ɗaya kawai a wuri ɗaya, ku jira har adadin sababbin masu kallo ya kusa na farko, sannan ku sake raba masu komawa tsakanin 2:17 da 2:20 da waɗanda suka kai wurin.