Yadda muke auna ƙarfen kwamin ruwa kafin mu sa almakashi

A ƙaramin shagon walda irin namu, aikin da ya fi yawa idan lokacin kiwon raguna ya zo shi ne kwamin ruwa da na dusa. Mai kiwo yakan faɗi abu uku ne kawai: tsawon da yake so, faɗin bakin, da zurfin. Sauran lissafin namu ne, kuma a cikinsa riba ko asarar aikin take, domin farantin ƙarfe idan aka yanka shi gajere ba ya komawa yadda yake.

Kwamin da muke yi bakinsa ya fi gindinsa faɗi, don dabba ta sa kai ba tare da ta gogi ƙarfe ba, kuma wankewa ya yi sauƙi. Idan ka tsaya a ƙarshensa ka duba, za ka ga siffa mai gefe huɗu: layin sama da na ƙasa suna tafiya a jere ba sa haɗuwa, na saman ya fi tsawo, sauran biyun kuma a karkace suke. Ita ce ake kira tirafiziyam a darasin lissafi, kwamin gaba ɗaya kuma firizim ne, tunda siffar nan ba ta canzawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Abin da muke nema shi ne jimillar faɗin duk fuskokinsa, wato yawan ƙarfen da zai ci. Hanyar da nake sa kowane yaron shago ya bi ita ce ya zana kwamin a buɗe, kamar an warware shi an shimfiɗa a ƙasa, kowace fuska a kwance kusa da 'yar'uwarta. Ban yarda a fara da haddar dabara ba. Wanda ya haddace yakan manta fuska guda bai sani ba, wanda ya zana kuwa yana ganin gurbinta.

Mu ɗauki kwami mai tsawon santimita 200, faɗin baki 60, faɗin gindi 30, zurfi 20. Girma ne da ya dace da tumaki da awaki.

Zanen shimfiɗar yana farawa daga gindi. A kan kwali ko takarda, a mai da kowace santimita goma ta zama ɗaya, a zana doguwar fuska mai kusurwa huɗu, 30 a faɗi, 200 a tsawo. A dama da hagunta a jingina bangaye biyu masu tsawo iri ɗaya da ita. A kowane ƙarshen gindin kuma a manna tirafiziyam ɗaya, gajeren layinsa na 30 yana manne da gindin, dogon na 60 yana kallon waje. Fuska biyar ke nan. Idan mai kaya yana son murfi, shi ne na shida, 60 a faɗi, 200 a tsawo.

Da an zo rubuta faɗin bango a kan zanen, sai a ga mai kaya bai ba da shi ba. A nan mafi yawan masu koyo ke faɗawa rami, su rubuta 20 saboda an ce zurfi 20 ne. Zurfi awo ne na tsaye cak, daga gindi zuwa baki. Bango kuwa a jingine yake, dole ya fi zurfin tsawo. Ga yadda ake samunsa. Baki ya fi gindi da santimita 30, kuma tunda bangayen biyu karkata ɗaya suka yi, kowanne ya fita waje da 15. To akwai wani alwatika a ɓoye a nan: 15 a kwance, 20 a tsaye, bangon shi ne dogon gefensa. A ninka 15 da kansa, 225. A ninka 20 da kansa, 400. A haɗa, 625. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 625 ita ce 25. Wannan ƙa'idar Fitagoras ce, kuma wanda ba ya son lissafin yana iya zana tirafiziyam ɗin da cikakken girmansa a kan kwali da sukwaya da tef, ya auna karkataccen gefen. Zai sami 25 ɗin nan.

Yanzu zanen ya cika, kuma yana nuna wani sauƙi da ba a gani a jikin kwamin da aka riga aka haɗa. Bango, gindi da ɗaya bangon, da yake tsawonsu ɗaya ne kuma suna manne, sun zama babbar fuska guda: 25 da 30 da 25, faɗin 80, tsawon 200. A ninka, murabba'in santimita 16,000. Saura ƙarshen biyu. Faɗin filin tirafiziyam shi ne a haɗa layin sama da na ƙasa, a raba biyu, a ninka da zurfi: 60 da 30 sun ba da 90, rabinsa 45, sau 20 ya zama 900. Dalilin raba biyun a fili yake idan ka yanke alwatikan gefe ɗaya ka juya shi ka cike ɗaya gefen, domin siffar za ta koma mai kusurwa huɗu daidai, 45 a faɗi, 20 a tsayi. Guda biyu 1,800. Jimillar buɗaɗɗen kwami ita ce 17,800, wato murabba'in mita 1.78. A kula a wurin juyawar nan: murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, ba 100 ba, saboda ɗari ce a faɗi, ɗari a tsawo.

Idan da murfi, sai a ƙara 12,000, jimilla ta zama 29,800. Wannan ita ce amsar cikakken firizim mai fuska shida, kuma ana iya tabbatar da ita ta wata hanya: kewayen tirafiziyam 140 ne, sau tsawo 200 ya ba da 28,000, a ƙara 1,800.

Kuskuren sa 20 a madadin 25 ba ƙarami ba ne. A takarda yana rage lissafi da 2,000. A ƙarfe kuwa, idan aka yanka faɗin 70, wato 20 da 30 da 20, aka lanƙwasa har baki ya kai 60, zurfin zai tsaya kusan santimita 13 kawai. Kwamin da ya kamata ya ɗauki lita 180 sai ya koma ɗaukar kusan 119, kuma mai kaya zai gane tun ranar da ya fara zuba ruwa. Akwai kuma kishiyar wannan, inda ake ɗaukar 25 a yi zurfin tirafiziyam da shi. Lissafi zai ba da 1,125 a madadin 900, idan kuma aka yanka haka, karkataccen gefensa zai wuce 29, ya yi tsiri sama da bango da santimita huɗu. Duka biyun ana kama su a kan zane da gwaji ɗaya: duk gefe biyu da za su haɗu a wurin walda, dole tsawonsu ya zama ɗaya. Karkataccen gefen tirafiziyam 25, ƙarshen bango 25. Idan suka saɓa, kada a taɓa ƙarfe tukuna. Ni nakan so a yanke ƙaramin zanen kwalin ma a naɗe shi, a ga ya rufe ko bai rufe ba.

Sanin 1.78 bai isa a tafi kasuwa ba. Farantin da aka saba samu ƙafa huɗu ne da ƙafa takwas, wato santimita 122 da 244, faɗin filinsa duka murabba'in santimita 29,768. Tambayar ita ce ko siffar shimfiɗar za ta kwanta a cikinsa. Kafin a gwada, a ƙara santimita biyu a bakin kowane bango, wanda za a naɗe don kada kaifi ya yanki wuyan dabba, kuma naɗin yana ƙara wa bakin ƙarfi. Faɗi ya zama 84. Idan aka bar ƙarshen biyu manne da gindi kamar yadda suke a zane, tsawo zai zama 20 da 200 da 20, wato 240, ya shiga cikin 244. Amfanin wannan shi ne walda ta ragu: layi huɗu na santimita 25, jimilla 100, maimakon 160 idan an yanke su daban, kuma babu walda a ƙasan da ruwa ke kwanciya, inda yoyo da tsatsa suka fi farawa. Sai dai idan aka ƙara musu naɗin baki, tsawon ya cinye 244 cif, babu sararin gyara ko kaɗan, kuma lanƙwasa ta fi wuya a ƙaramin inji. Shi ya sa wani lokaci gara a yanke su daban. Bayan an fitar da babbar fuskar akwai ragowar tsiri mai faɗin 38 a gefe. A kwantar da tirafiziyam biyun a kai, ɗaya a miƙe ɗaya a kife, gefensu na karkace yana haɗe. Tsawon 105 kawai za su ci, kuma yanka ɗaya ya raba su.

Mai murfi ba ya fita daga faranti ɗaya ko ta yaya aka juya shi. Jimillarsa ta riga ta ɗara farantin kaɗan tun kafin naɗin baki, kuma murfin 60 ba ya shiga ragowar 38. Dole a sa faranti na biyu a cikin kuɗin aiki tun farko, a faɗa wa mai kaya dalili.

Lambar nan ta 1.78 tana da sauran amfani wajen yanke farashi. Ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 yana da nauyin kusan kilo 11.8 a kowane murabba'in mita, don haka kwamin zai kai kilo 21, mutum biyu za su ɗaga shi babu wahala. Fenti kuma fuska biyu ake shafawa, ciki da waje, murabba'in mita 3.56 ke nan, shafi biyu 7.12. A duba jikin gwangwani a ga murabba'in mita nawa lita ɗaya ke rufewa, kuma cikin da dabba za ta sha ruwa kada a sa masa fenti mai dalma.

Wasu sukan so kwamin da za a jingina da katanga, bango ɗaya a tsaye cak, ɗaya a karkace. Faɗin filin tirafiziyam bai canza ba, yana nan 900, tunda baki da gindi da zurfi duk suna nan. Amma yanzu bango ɗaya ne ya ɗauki fitar 30 gaba ɗaya: 30 sau 30 ya ba da 900, 20 sau 20 ya ba da 400, a haɗa 1,300, lambar da za a ninka da kanta ta ba da shi kuwa kusan 36 ce. Babbar fuskar ta zama 20 da 30 da 36, faɗin 86, sau 200 ya ba da 17,200, jimilla 19,000. A irin wannan, ƙarshen biyu ba tagwaye ba ne, ɗaya na dama ne ɗaya na hagu. Idan za a naɗe musu baki, a sa wa kowanne alama da alli kafin a kai inji, in ba haka ba naɗin ɗaya zai kalli cikin kwami, na ɗayan ya kalli waje.